Tsohuwar waya zata iya gadin shago?

Tambaya: Salam Malam. Ina da shagon kayan masarufi a Kawo, ni kuma gidana na Rigasa. Akwai wata tsohuwar Tecno da na ajiye a durowa, sikirin ɗinta ya ɗan tsage amma tana aiki, naji ance ana maida irinta kyamarar tsaro mutum ya riƙa kallo daga gida. Da gaske ne? Kuma ya zanyi da ɗauke wuta?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, ana yi kuma yana aiki, tsagewar sikirin ma ba matsala bace in dai gilashin kyamarar baya lafiya lau yake. Sai dai tun farko in gaya maka, saka manhajar shine abu mafi sauƙi a duk aikin, minti goma ka gama. Abinda ke kashe wannan haɗin a garin nan wuta ne da zafi, kuma duk wanda ya kawo min ƙorafi cewa kyamarar wayarsa ta daina aiki, in na bincika yawanci ɗaya daga cikin biyun nan nake tararwa. Shi yasa zan fi daɗewa a kansu.

Kafin komai duba lafiyar wayar. Cire mata kwaba ka ɗora ta a kan tebur ko gilashin kantar shago, bayanta a ƙasa, ka ɗan danna gefe. In tana lilo kamar akwai tudu a tsakiya, ko kaga murfin baya ya fara ɗagowa, ko sikirin ya ɗan turo waje ta gefe, toh batirin ya kumbura kenan, kar ka jona ta da caji ko na minti ɗaya sai an canza mata batir. Wayar da ta daɗe a durowa ba caji tana yawan yin haka. In lafiya take, kwashe hotunanka da lambobinka, kayi mata Factory reset, sannan ka buɗe sabon Gmail na musamman saboda wannan aikin kawai. Kar ka saka Gmail ɗinka na ainihi, kar ka bar manhajar banki ko layin da ke haɗe da asusunka a ciki, domin wannan waya ce da zata kwana ita kaɗai a shago kuma ba makulli a kanta, duk wanda ya ɗauke ta ya ɗauki duk abinda ke ciki.

Manhaja guda biyu aka fi sani, AlfredCamera da IP Webcam. Kai wadda ta dace da kai AlfredCamera ce, ga dalili. IP Webcam tana maida wayar ƙaramar tasha ne a cikin wayifai ɗin da take kai, in ka danna Start server zata nuna maka adireshi a ƙasan sikirin mai kama da wannan:

```
http://192.168.0.105:8080
```

Ka rubuta shi a burauzar wata waya ko kwamfuta kaga hoto tar. Amma sai in dukkansu biyun suna kan wayifai ɗaya. Daga Rigasa wannan adireshin ba zai kai ka ko'ina ba, kuma dabarar nan da zaka gani ana koyarwa ta buɗe ƙofa a ruta galibi bata aiki a kan layin waya, saboda kamfanonin layi suna tara mutane da yawa ne a bayan adireshi ɗaya, wanda ke waje bashi da hanyar shigowa kai tsaye. IP Webcam tayi kyau ga wanda yake cikin gida yana son ganin ƙofar waje, ba data zai ƙona ba. Ita kuwa AlfredCamera ta kan intanet take bi, ka saka ta a wayoyin biyu, ka shiga da wannan sabon Gmail ɗin a dukkansu, tsohuwar ka zaɓi Camera, ta hannunka ka zaɓi Viewer, shikenan. Ta kyauta tana da talla kuma hoton bai kai na masu biya ba, amma tana turo maka sanarwa in taga motsi kuma tana ajiye gajeren bidiyon a intanet na ɗan lokaci. Wannan na ƙarshen ka riƙe shi da kyau, domin in ɓarawo ya hango wayar ya cire ta, bidiyon da ke memori ya tafi tare da shi, wanda ya riga ya hau intanet ne kawai zai rage maka. In kaga wani abu mai muhimmanci ka sauke shi a wayarka a ranar, kar kace sai wani sati.

Bayan ka saka manhajar akwai saiti ɗaya da mutane ke tsallakewa. Wayoyin Android, musamman su Tecno da Infinix da itel, suna da ɗabi'ar kashe manhajar da ke aiki a ɓoye don tanadin batir. Sai ka shiga Settings, ka nemi Apps, ka buɗe manhajar, a wajen Battery ka zaɓi Unrestricted ko Don't optimize ya danganta da wayar, in kuma akwai Auto-start ka kunna mata. Ka kashe Battery saver gaba ɗaya, ka cire makullin sikirin, ka kashe sabunta manhajoji da kansu a Play Store don kar wani dare ta tsaya sabuntawa ta rufe kyamarar. Alamar wannan matsalar a bayyane take: kyamara tana aiki lafiya in kana tsaye a kanta, ka tafi bayan awa ɗaya ko biyu tace maka Offline, da safe kazo ka tarar wayar a kunne da cajinta dam. In haka ta faru wayar ce ta kashe manhajar, ba laifin wuta bane.

Toh yanzu wuta. Waya in tana ɗaukar bidiyo tana aikawa, sikirin a dushe, lissafa mata kamar wat 3. Batir na 3000mAh sabo ma wat-awa 11 da ɗan abu yake ɗauka, wanda yasha shekaru kuwa wataƙila 7 ya rage, kaga awa biyu zuwa uku kenan ta mutu. In ka rufe shago ƙarfe tara na dare ka buɗe takwas na safe awa 11 kenan, a ce ba'a kawo wuta ba ko sau ɗaya a daren, kana buƙatar wat-awa 33. Fawa banki na 20,000mAh na gaskiya yana da wat-awa 74 a ciki, amma wajen juya wutar zuwa bolt 5 da asarar kebul abinda zai iso wayar kamar 50 ne. Kaga ya isa dare ɗaya da ɗan saura, in har na gaskiya ne kuma ya cika kafin ka rufe. Na jabu da aka rubuta babban lamba a jiki amma ka ɗaga kaji shi sakayau, wannan kar ka dogara da shi, fawa banki mai 20,000 na gaskiya yana da nauyi a hannu.

Shawarata ka saka layi mai data a cikin tsohuwar wayar kai tsaye maimakon ka ajiye mata mayifai daban, domin mayifai ma wuta yake ci, kusan wat 2, sai lissafin ya haura 50 ya zama fawa bankin da ƙyar zai kai safe, kuma abu biyu ne zasu iya mutuwa maimakon ɗaya. Sabon layi zaka saka wanda ba wanda ya san lambarsa, kar wani ya kira cikin dare wayar ta yi ƙara ta tona kanta, ka kuma saka ta a shiru. Ka gwada layin da yafi ƙarfi a cikin shagon ƙofa a rufe, domin ƙofar ƙarfe da kwano suna rage sabis sosai, sabis ɗin da kake gani da rana ƙofa a buɗe ba shi bane na dare, kuma waya in sabis yayi rauni ƙara cin batir take tana ɗumi.

Haɗin kansa haka yake: caja a soket, caja ta shiga fawa banki, fawa banki ya shiga waya. Anan ne ake faɗawa rami, domin ba kowane fawa banki ne ke iya karɓar caji yana bayarwa a lokaci ɗaya ba, kuma cikin masu iyawa ma akwai waɗanda in an ɗauke wuta ko an dawo da ita sai su yanke fitarwa, sai mutum ya danna maɓallin gefe kafin su cigaba. Akwai wani bawan Allah mai kemis a Tudun Wada da ya kira ni, yace kullum kyamararsa tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu na dare take mutuwa, har ya fara zargin wani ne ke shiga yana kashewa. Na je na tarar wayar a mace, fawa banki kuwa fitilunsa huɗu duk a kunne, cike yake dam. Na kunna komai na jona, na kashe soket ɗin bango da hannuna, nan take alamar caji ta ɓace daga wayar, na jira bata dawo ba sai da na danna maɓalli. Wato da an ɗauke wuta wajen sha ɗaya fawa bankin ya rufe bakinsa, waya ta koma kan tsohon batirinta ta ja awa biyu da wani abu ta mutu, ga wuta a gefenta bata sha ba. Saboda haka kafin ka saya ka tafi da caja da waya, a jona a gabanka, ka kashe soket ka kunna, ka maimaita sau da yawa kana kallon alamar cajin, in ta ɗauke ta dawo da kanta cikin daƙiƙa kaɗan ya yi. Sannan a gida ka bar wayar ta cika ɗari ka gani ko zai yanke, wasu suna kashe kansu in sun ji abinda ake ja ya yi ƙasa.

Abinda muka saka wa mai kemis ɗin shine ƙaramin UPS ɗin nan da ake saida wa masu ruta, mai ramin USB na 5V da na 9V da 12V. Shi dama don ya zauna a jone kullum aka ƙera shi, baya yankewa in wuta ta tafi, kuma baya ɗumi irin na fawa banki da ake ɗurawa ana zuƙa lokaci ɗaya. Sai dai ka duba girman batirinsa, da yawansu ƙanana ne basu kai fawa banki na 20,000 ba. In kuwa kana da sola a shagon toh ka huta, yawancin ƙananan kwantirola suna da ramin USB, ko ka sa caja irin ta mota a kan batirin 12V da fis a tsakani. Kar ka bar inbata a kunne duk dare saboda waya ɗaya, abinda inbata ke ci a zaune ya fi abinda wayar ke ci.

Me yasa nake ta nanata kar ta mutu? Saboda kyamarar CCTV ta ainihi in wuta ta dawo tashi take da kanta, waya kuwa in ta mutu, ko wuta ta dawo caji kawai zata riƙa yi sikirin a kashe har sai wani ya zo ya danna. Wasu wayoyin suna da Scheduled power on/off a cikin Settings, in taka tana da shi ka saita, yana ɗan taimakawa, amma kar ka ɗora duk tsaronka a kai.

Kebul ma ka kula. Mutum zai sayo doguwar kebul siririya mita uku don ta kai saman bango, waya tana nuna tana caji amma kashi yana sauka a hankali, saboda siririyar waya mai tsawo tana zubar da wuta a hanya. Gara ka ja wutar soket ɗin ko ka ɗaga fawa bankin kusa, kebul ɗin USB ya zama gajere mai kauri, mita ɗaya ya isa, caja kuma mai 5V 2A ta kirki. Gwajin mai sauƙi ne, wayar tana kan kashi 50 ko 60 ka kunna kyamara ka jona ka bar ta awa ɗaya, in kashin ya hau lafiya, in ya tsaya ko ya sauka canza kebul da farko kafin ka zargi caja.

Sai zafi, kuma wannan ina roƙonka ka ɗauke shi da gaske domin maganar gobara ce. Batirin waya abu biyu ne ke lalata shi da sauri, zama a cike ɗari kullum da kuma zafi, wannan aikin kuma ya haɗa masa duka biyun. Batirin irin wannan ba'a so ana masa caji in ya haura digiri 45, ka kuma san yadda saman shago ƙarƙashin kwano yake a watan Maris da Afrilu a Kaduna, in ba silin hannu ma baya iya daɗewa a wajen. Don haka kar ka maƙala ta jikin kwano ko kusa da shi, ka sauko da ita ƙasa da silin sosai, ka cire kwabar roba, kar ka nannaɗe ta da leda ko ka cusa ta cikin kwali rufaffe don ɓoyewa. In zaka ɓoye ta, akwati mai buɗaɗɗen baya da ramuka, kuma nesa da katan ɗin ashana, maganin sauro na fesawa da jarkar man gyaɗa. Rage ingancin bidiyon ma yana rage ɗumi, haka dushe sikirin, a AlfredCamera akwai yanayin da ke baƙanta sikirin kyamara na cigaba da aiki, ka yi amfani da shi. Wasu Samsung suna da Protect battery da ke tsaida caji a kashi 85, in an samu irin wannan saitin a waya a kunna, tsofaffin Tecno dai mafi yawa basu da shi. Manhajar Ampere ko AccuBattery zata nuna maka zafin batirin, ka duba da azahar lokacin da rana ta take, in kana ganin 43, 45, canza mata waje. Kuma duk wata ka sauko da ita ka maimaita gwajin teburin nan, da kaga ta fara lilo ka cire, batir sabo ya fi araha a kan kayan shago.

Wajen kafawa, kuskuren da aka fi yi shine a kai ta can ƙololuwa a kusurwa don ta ga duk shagon. Zata ga duk shagon amma saman hula da ɗankwali kawai zaka samu. Ka tsaya wajen mita biyu da ɗan ɗori daga ƙasa, tana kallon ƙofar shiga ko durowar kuɗi, ɗaya daga ciki, kar ka ce sai duka. Dalili kuwa lissafi ne: hoton 720p ɗigo 1280 ne a faɗi, a nisan mita 3 kyamarar waya tana ɗaukar faɗin kusan mita 4, fuskar mutum ta samu ɗigo hamsin da wani abu, za'a gane shi. A mita 10 fuskar bata wuce ɗigo goma sha shida ba, sai dai kace ga mutum da farar riga. Kyamarar baya zaka yi amfani da ita, ta fi ta gaba, kuma a kwance zaka kafa wayar ba a tsaye ba. Maƙalin da ke kan sandar salfi yana da ramin noti a ƙasansa, ka cire shi ka kai wa mai walda ya yi maka ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da za'a ɗaure a bango da sukuru biyu, ka ɗaura maƙalin a kai. Salatif da gam suna sakewa in an yi zafi, wata rana ka buɗe ka tarar tana kallon silin. Ka kula maƙalin kar ya danne maɓallin kunnawa ko na ƙara, sannan kebul ɗin ka ɗaure shi a jikin ƙarfen da ɗan sassauci, don nauyinsa kar ya riƙa jan bakin cajin, tsohuwar waya dama bakinta ya saki. Kar ta fuskanci fanka ko labule ko ledojin da ke rataye, duk motsinsu sanarwa ce zata shigo maka har ka gaji ka daina dubawa. Lokacin hunturu kuma ƙura na kwanciya a gilashin, ka riƙa gogewa da ƙyalle mai laushi duk sati.

Dare shine inda waya take da iyaka. Kyamarar CCTV tana da ƙananan fitilu masu hasken da ido baya gani, waya bata da su kuma an ma tace mata irin wannan hasken, in shago yayi duhu baƙi kawai zaka gani, saitin ƙara haske na manhajar baya ƙirƙiro hasken da babu. Dole ka bar ƙwai ɗaya a kunne wanda baya jiran nepa, ko ƙaramin ƙwan USB mai wat 2 ko 3 ya isa ƙaramin shago, amma ka tuna shi ma kusan abinda wayar ke ci yake ci, ka bashi nasa fawa bankin daban. Ka sa shi a bayan kyamarar ko gefenta yana haska fuskar mai shigowa, in yana gabanta mutum zai fito baƙi ƙirin kamar inuwa. Kar ka kunna tocilan wayar duk dare, zafi zai ƙara kuma ya nuna inda take. In ta bayan gilashin taga zata leƙa waje, manna ta jikin gilashin sosai, in ba haka ba hoton cikin shagon zata riƙa gani a gilashi.

Data kuma ya danganta da hannunka. Bidiyo mai gudun megabit 1 yana cin kusan 450MB a awa, a wayar shago da ta hannunka kowacce nata, in ka bar shi a buɗe dare da rana ya haura 10GB a kwana ɗaya. Ka bar ta tana jiran motsi, kai kuma ka leƙa minti ɗaya biyu in sanarwa ta shigo ko kafin ka kwanta, ka kuma rubuta ranar da datar layin zata ƙare a inda zaka gani, domin ƙarewar data da mutuwar waya duk Offline ɗaya suke nunawa daga gida.

Ka saita ta cikin shagonka da bakin ƙofarka kawai, kar ta leƙa gidan maƙwabta, kuma in kana da yaron shago ka gaya masa akwai kyamara, ya fi zaman lafiya. Kafin ka kafa ta a Kawo, ka haɗa komai a gida yadda zai kasance, ka kashe soket da magariba ka bar ta har safe, ka yi haka dare biyu ko uku kana duba kashin batirin da safe. In kana samunta a kunne da saura mai kauri a fawa bankin sai ka kai ta shago, can ma daren farko ka leƙa ta wajen ƙarfe uku ka tabbatar sabis na riƙe ƙofa a rufe.